Ƙara Wa PlayStation 5 Ma'aji: Na Waje Ko Na Ciki?

Na'urar wasan bidiyo ta PlayStation 5 da kamfanin Sony ya fitar a 2020 ta zo da ma'aji mai gigabait 825, sai dai kusan 667 ne kawai mai ita zai iya amfani da su. Tun da yake wasu manyan wasanni kan haura gigabait 100, ba a daɗewa wurin yake cika.

Kafin a je kasuwa, ya kamata a san cewa ma'ajin waje da ake haɗawa ta kafar USB ba ya kunna wasannin PS5, komai saurinsa. Ajiye su kawai yake yi, kuma sai an mayar da su cikin na'urar kafin a buga. Wasannin PS4 kuwa ana buga su kai tsaye daga kansa.

Duk da haka, yana da amfani ga wanda ke sayen data da tsada, domin ya fi a goge wasa a sake sauke shi daga intanet. Abin da Sony ya gindaya shi ne USB mai gudun gigabit 5 a daƙiƙa, da girman gigabait 250 zuwa terabait 8. A lissafi, faifai mai juyawa da ke kwafar megabait 110 a daƙiƙa zai ɗauki kusan minti 15 kafin ya mayar da wasa mai gigabait 100. Wannan jira ne da za a iya haƙuri da shi.

Wanda ke son buga wasannin PS5 ba tare da kwashe-kwashe ba, sai ya sanya SSD a gurbin M.2 da ke ƙarƙashin murfin na'urar. A nan ne masu saye suka fi yin kuskure. Dole a ga an rubuta NVMe da PCIe Gen4 a jikin kwalin. Akwai nau'in SATA mai kama da shi ƙwarai, amma na'urar ba ta karɓarsa.

Adadin da za a duba shi ne gudun karantawa, ba na rubutawa ba, domin karanto bayanai ne aikin da ke gudana yayin wasa. Sony ya ba da shawarar megabait 5,500 a daƙiƙa zuwa sama. Mai 7,000 ba laifi, amma bambancin lokacin buɗe wasa kaɗan ne, don haka ƙarin kuɗin ya fi dacewa da sayen mai girma.

SSD ɗin yana buƙatar ƙarfen da ke janye zafi, musamman a watannin bazara, kuma kaurinsu duka kada ya wuce milimita 11.25, in ba haka ba murfin gurbin ba zai rufu ba. Da zarar an kunna na'urar, za ta nemi share duk abin da ke kansa, sannan ta nuna gudun da ta auna. Idan adadin ya yi ƙasa sosai da na jikin kwali, a koma wa mai shago da rasit.