Gishirin da ke mayar da ruwa alkali

Idan gishirin miya ya narke a tsabtataccen ruwa, ma'aunin pH yakan tsaya a kan 7, wato ruwan ba asid ba ne, ba kuma alkali ba. Ɗalibai da yawa sukan zaci kowane gishiri haka yake. Sodiyam asitet, CH₃COONa, ya saɓa wa wannan zato. A narkar da giram 8.2 nasa, a ƙara ruwa har ya cika lita ɗaya, an sami ƙarfin mol 0.1 a lita ke nan, kuma pH zai kusanci 8.9. Alkali ne, sai dai bai kai ruwan kanwa kaifi ba.

Da ya shiga ruwa sai ya rabu biyu, Na⁺ da CH₃COO⁻. Na farkon ba ruwansa da pH. Na biyun, asitet, shi ne abin da ke saura bayan asid ɗin da ke cikin binega ya saki H⁺. Da yake wannan asid mai rauni ne, ba ya son rabuwa da H⁺, don haka asitet kan fizgo shi daga jikin ruwa, ya bar OH⁻ a baya:

CH₃COO⁻ + H₂O ⇌ CH₃COOH + OH⁻

Wannan OH⁻ ɗin shi ke ɗaga pH. To, nawa ne yawansa? A zafin digiri 25, ƙarfin asid ɗin, Ka, shi ne 1.8 × 10⁻⁵, na ruwa kuwa, Kw, 1.0 × 10⁻¹⁴. A raba Kw da Ka, sai a sami ƙarfin asitet, Kb = 5.6 × 10⁻¹⁰. Wannan adadi ƙanƙane ne ƙwarai, shi ya sa ake ɗauka cewa asitet bai ragu daga 0.1 ba. Kuma tunda kowane OH⁻ yana fitowa ne tare da CH₃COOH guda, yawansu ɗaya ne, a kira shi x:

x² = 5.6 × 10⁻¹⁰ × 0.1, saboda haka x = 7.5 × 10⁻⁶

Daga nan pOH ya zama 5.13, a cire shi daga 14, pH ya zama 8.87. Asitet da ya taɓa ruwan bai kai ɗaya cikin dubu goma ba, amma ya isa ya motsa ma'auni kusan mataki biyu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sa Ka a gurbin Kb, sai a tashi da 2.87, wanda pH ɗin asid ɗin ne, ba na gishirinsa ba. Wasu kuma sukan tsaya a 5.13 su manta da cirewa. A ɗakin gwaji ma a lura: mai ɗauke da ruwa a ƙwayarsa, CH₃COONa·3H₂O, giram 13.6 ake aunawa, kuma ruwan da aka bari a buɗe yakan sha iskar CO₂, pH ya sauka kaɗan.

Duk wanda lissafinsa ya ba shi ƙasa da 7 a wannan gishiri, ya koma ya duba, akwai kuskure.