Ba duk jan biro ne iri ɗaya ba: yadda ake duba aikin li'irabi

A darasin nahawu akwai wani aiki da kusan duk ɗan Islamiyya ya sani. Malam zai rubuta jimlolin Larabci a allo, ya bar ƙarshen wasu sunaye babu wasali, ya ce a sa rufu'a ko fataha ko kisira. In ya karɓi littattafai, abu mai sauƙi shi ne ya ja layi a kan duk amsar da ba daidai ba, ya rubuta maki. Sai dai yara biyu kan faɗi jimla ɗaya alhali ciwonsu daban ne. Wani bai gane aikin da sunan yake yi a cikin jimlar ba. Wani kuwa ya gane aikin sarai, alamar ce ta kuɓuce masa. Mai dubawa da bai rarrabe su ba, zai ba su magani ɗaya, ɗayansu ya tashi a tutar babu.

Hali uku suna yake shiga a Larabci. Yana zama marfu'i idan shi ya yi aikin ko da shi aka buɗe zance, mansubi idan a kansa aikin ya faɗa, majruri idan ya biyo bayan harafi irin su fi da min da ala, ko aka jingina masa wani suna. Alamomin asali su ne rufu'a, fataha da kisira, bi da bi. Ajrumiyya, ɗan littafin nan na Ibn Ajurrum, mutumin Fas da ya rasu a 1323, wanda ake fara nahawu da shi a zaurukanmu, ya ware babi guda saboda alamomin nan kaɗai, domin ba kowane suna ne yake yarda da alamar asali ba.

Mu ɗauki jimlar farko. An bayar da sa'ala, sai almudir babu wasali, sai Aliyyun da wasalinsa. Yara da yawa za su rubuta sa'alal mudiru Aliyyun. Dalilinsu ba ɓoyayye ba ne: a Hausa wuri ne yake nuna wanda ya yi aiki. "Ali ya tambayi shugaba" da "shugaba ya tambayi Ali" ba abin da ya bambanta su sai wanda ya zo gaba. Yaro ya ɗauko wannan ɗabi'ar, ya ba sunan farko rufu'a. Amma Aliyyun ya riga ya zo da rufu'arsa, kuma aiki ɗaya ba ya ɗaukar fa'ili biyu in babu harafin haɗi tsakaninsu. Saboda haka Ali ne mai tambaya, shugaban makaranta ne aka tambaya, amsa ita ce sa'alal mudira Aliyyun. Wannan kuskuren fahimta ne, kuma gyaransa shi ne a tambayi yaron da Hausa: wa ya tambayi wa?

Ta biyu ta fi wannan kama mutane, har da manyan ɗalibai. An ce inna fil baiti, sai rajul. Amsar da ta fi yawa ita ce rajulun. In ka tambayi yaron zai karanto maka ƙa'ida daidai: inna tana sa sunanta mansubi, habarinta marfu'i. Shi a ganinsa abin da ya biyo bayan inna shi ne sunanta, na ƙarshe kuma habari. To amma fil baiti harafi ne da majrurinsa, ba zai zama sunan inna ba. Shi ne ke tsaye a gurbin habari, an gabatar da shi ne kawai. Wanda ake ba da labarinsa shi ne mutumin da ke cikin gidan, don haka shi ne sunan inna ko da ya zo a ƙarshe: inna fil baiti rajulan. Wannan kuskuren ba ya ɓuya ko an rubuta ba wasali, domin rajulan yana buƙatar alifi a ƙarshensa. In mai dubawa bai ga alifin ba, ya san inda aka kwana.

Jimla ta uku wani irin ciwo ne daban. Ra'aitu, sai almu'allimat, wato na ga malamai mata. Yarinya ta rubuta ra'aitul mu'allimata, da fataha. Ni dai ba na hana irin wannan amsar rabin maki, domin tunaninta ya tafi daidai: su aka gani, don haka mansubi ne. Abin da ta manta shi ne jam'in mata da aka gina da ƙarin alifi da ta'un ba ya karɓar fataha, kisira ce take tsaya mata. Daidai shi ne ra'aitul mu'allimati. Yana da kyau a sa ta faɗi cikakken li'irabin da baki, cewa mansubi ne kuma alamarsa kisira ce a madadin fataha, don kada ta koma gida da zaton kalmar majruri ce. Akwai kuma tarko a gaba. Wanda ya haddace wannan ƙa'idar da ƙarfi yakan ɗora ta a kan aswat, jam'in saut, ya ce sami'itu aswatin. Ta'un ɗin aswat na jikin kalmar ne tun tana tilo, ba ƙari ba ne, don haka fataharta take karɓa: sami'itu aswatan.

Kishiyar wannan ita ce ta huɗu: sallaitu fi masajid, sai kasiratin. Yaro ya ga fi, ya sa kisira biyu, masajidin. Nan ma hukuncin daidai ne, majruri ne. Amma masajid yana cikin sunayen da ba sa ɗaukar tanwini, tare da irin su Ahmad da Ibrahim da Makka, kuma su fataha ce alamar jarrinsu: fi masajida kasiratin. Siffar da ke biye ita ce shaida, tana ɗauke da kisirar da sunan ya ƙi karɓa. Mai dubawa ya lura da iyakar ƙa'idar, kada ya soke amsa mai kyau. Da zarar an sa wa kalmar alifi da lam, ko an jingina ta ga wani suna, kisira ta dawo: fil masajidi, fi masajidil madinati.

Sai sunayen nan biyar da ake yi wa li'irabi da harafi, waɗanda ab, wato uba, yake cikinsu. Sallamtu ala abuka kuskure ne da kunne ke jawowa, tunda mun saba da Abubakar a siga ɗaya ko ina ya zo a zance. A Larabci wawu na marfu'i ne, alifi na mansubi, ya'un na majruri: ja'a abuka, ra'aitu abaka, sallamtu ala abika.

Wani lokacin kuma laifin na tambayar ne. In aka ba yara sa'ala, almudir, almu'allim, duka biyun babu wasali kuma babu wani zance kafin su, amsa biyu ce ta halatta. Sa'alal mudirul mu'allima yana nufin shugaba ya tambayi malami, sa'alal mudiral mu'allimu kuma malami ne ya tambayi shugaba. Kafin a ja wa yaro layi a nan, sai a ce ya fassara abin da ya rubuta. In fassararsa ta dace da wasalinsa, ya ci makinsa. Inda tsari yake zama dole shi ne sunayen da wasali ba ya bayyana a ƙarshensu, kamar sa'ala Musa Isa. A nan malaman nahawu sun ce na farko ne fa'ili, tunda babu wata alama da za ta raba gardama.