Taswirar da Ba Ta Jiran Sabis: Yadda Ake Shirya Ta Kafin Fita Aikin Fili

Ma'aikatan da ke fita ƙauyuka ƙirga rijiyoyin burtsatse, ko auna gonaki, ko duba makarantu, da yawansu sun san wannan takaici. A ofis an buɗe manhajar QGIS, taswira ta fito tsaf: hanyoyi, koguna, har rufin gidaje. An ɗora aikin a kwamfutar hannu, wadda aka fi sani da tabilet, an shiga mota. Ana wuce gari na ƙarshe mai sabis, sai allon ya koma fari fat, babu komai a kansa sai ɗigon da ke nuna inda mutum yake tsaye. Na'urar lafiyarta ƙalau. Taswirar da aka gani a ofis dama aro ce, ana jawo ta daga intanet a duk lokacin da aka motsa allo, kuma ko kaɗan ba ta shiga cikin fayil ɗin aikin ba.

A arewacin Najeriya da kudancin Nijar wannan matsala ta yau da kullum ce. Akwai ƙauyukan da sabis bai taɓa kaiwa ba, akwai kuma lokacin da ake katse shi da gangan, kamar yadda aka yi a jihar Zamfara a watan Satumba na 2021 saboda tsaro.

Abu biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda, alhali daban suke. Ɗigon da ke nuna matsayi daga GPS yake zuwa, wato saƙon da na'ura ke kamawa kai tsaye daga taurarin ɗan Adam, ba ya cin data kuma ba ruwansa da layin waya. Idan babu sabis yakan ɗauki 'yan mintoci kafin ya daidaita, shi ke nan. Abin da ke buƙatar shiri shi ne taswirar shimfiɗa, wadda ke zama a ƙasa a ɗora bayanai a kanta. Sai dai a bincika tabilet ɗin tukuna: iPad ɗin da ba ya ɗaukar layin waya ba shi da GPS a cikinsa, sai an haɗa masa na waje.

QGIS, wadda Gary Sherman ya fara a 2002, kyauta ce, amma don kwamfutar tebur aka gina ta. A fili ana amfani da ƙannenta ne: QField ta kamfanin OPENGIS.ch na Suwizalan, ko Mergin Maps ta Lutra Consulting. Dukansu suna buɗe aikin da aka tsara a QGIS da launukansa da fom ɗinsa. Saboda haka duk shirin a ofis ake gama shi.

A ɗauka wata tawaga za ta duba rijiyoyin burtsatse a gabashin Haɗeja, wajen Kirikasamma da Guri a jihar Jigawa, a yanki mai faɗin kilomita 30 da tsawon kilomita 30. Tambayar farko ita ce daga ina taswirar za ta fito. Hanya mafi sauƙi a ido ita ce a buɗe hoton Google ko taswirar OpenStreetMap ta intanet a kwashe. Ba daidai ba ne. Ƙa'idojin Google sun hana adana hotunansa ta wannan hanya, kuma masu kula da OpenStreetMap sun hana kwasar hotunan taswirarsu da yawa don amfani ba intanet, domin da gudummawar jama'a suke riƙe kwamfutocinsu. Wanda ya matsa sai su toshe shi. Bayanan OpenStreetMap kansu kuwa kyauta ne ga kowa, muddin an ambaci tushensu. Geofabrik na ba da na Najeriya da na Nijar a dunƙule, a sauke sau ɗaya, a yanko yankin aiki, a adana shi a fayil ɗin GeoPackage. Shirin GRID3 ma yana da bayanan matsugunai da cibiyoyin lafiya na Najeriya. Irin wannan taswira ta layuka da ɗigogi ba ta da nauyi, kuma ba ta dushewa komai kusantowa.

Amma a fadamar Haɗeja da Nguru layuka kaɗai ba sa isa, domin hanyoyin ƙasa da yawa ba a zana su ba, kuma ruwa na sauya wuri da lokaci. Nan hoton sama ke da amfani. Na taurarin Sentinel-2 na shirin Copernicus na Turai kyauta ne, kuma ana sabunta shi kusan duk bayan kwana biyar, amma kowane ɗigon hoto mita 10 ne a ƙasa. Zai nuna ƙauye, da kududdufi, da inda ruwa ya malale, ba zai nuna gida ɗaya ko famfo ba. A kuma lura da ranar da aka ɗauki hoton. Tawagar da za ta fita a watan Satumba da hoton watan Maris za ta ga busasshiyar hanya a allo, ta tarar da ruwa a gabanta. Idan aikin na buƙatar ganin gidaje ɗaya-ɗaya, sai hoton da aka saya da izini, ko wanda aka ɗauka da jirgi marar matuƙi, ko abin da aka samu a OpenAerialMap.

Daga nan sai lissafin da yake raba wanda ya iya da wanda bai iya ba. Taswirar allo a yanke take gutsi-gutsi kamar tayil ɗin daɓen ɗaki, kowane gutsi murabba'i mai ɗigo 256 a kowane gefe. Akwai matakan kusantowa: a mataki na 0 duniya duka tayil ɗaya ce, kuma duk mataki ɗaya da aka ƙara, kowane tayil sai ya rabu gida huɗu. A daidai inda Haɗeja take, tayil na mataki na 16 yana rufe kusan mita 600 a kowane gefe, na 17 kusan mita 300, na 18 kusan mita 150.

Yankin tawagar nan, kenan, yana buƙatar tayil 2,500 a mataki na 16, da 10,000 a na 17, da 40,000 a na 18, da 160,000 a na 19. Idan aka tsaya a na 17, aka haɗa da matakan da ke ƙasa da shi, jimilla ta ɗan haura 13,000. A ƙaddara kowane tayil kilobayit 20 ne: fayil ɗin zai kai kusan megabayit 270, abin da kowane tabilet zai ɗauka. A ƙara mataki ɗaya tak, ya wuce gigabayit guda. A ƙara wani, ya haura huɗu, kuma kwamfutar ofis za ta shafe sa'o'i tana niƙa, ga wutar lantarki da ba ta da tabbas.

Wanne mataki ya dace? Ingancin hoton asali ne ke yanke hukunci. A mataki na 17 ɗigo ɗaya ya ɗan haura mita guda a ƙasa, wanda ya isa a gane gida da shinge da hanyar ƙafa, kuma GPS ɗin tabilet shi kansa yakan kuskure da 'yan mitoci. Ga hoton Sentinel-2 kuwa, mataki na 14 ya riga ya kai iyakarsa. Duk abin da aka ƙara bayan nan nauyi ne kawai, ba ƙarin gani. Dabara mai kyau ita ce a yi fayil biyu: ɗaya na yankin duka mai tsayawa a mataki na 14 ko 15 don tafiya, sai wani mai kai wa 17 ko 18 a kan ƙauyukan da za a shiga kaɗai.

Yin fayil ɗin ba shi da wuya. A cikin Processing Toolbox na QGIS akwai Generate XYZ tiles (MBTiles), wanda ke tattara tayil duka a fayil guda. A Extent ana saka iyakar yanki, kuma gara a ƙara kilomita biyu ko uku a kowane gefe, domin hanyar shiga ƙauye sau da yawa tana zagayowa ta wajen iyaka. Minimum zoom a bar shi ƙasa, kamar 8, don kada allo ya yi fari idan aka ja baya a ga yankin duka; waɗannan matakai tayil kaɗan ne. A Maximum zoom a saka abin da aka lissafa. A Tile format, JPG ya fi dacewa da hoton sama saboda sauƙin nauyi, PNG kuma da zanen layuka da rubutu.

Akwai tarko a nan. Kayan aikin yana ɗaukar hoton duk abin da ke kunne a allo a lokacin. Idan aka manta ɗigogin rijiyoyi a kunne, za su manne a jikin taswirar, ma'aikaci ya yi ta dannawa ba sa buɗewa, ko ya gyara matsayin rijiya tsohon ɗigon na nan zaune. A kashe komai sai shimfiɗar kaɗai.

Bayan fayil ya fito, a ajiye shi a folda ɗaya da aikin, a shigo da shi, a cire tsohuwar taswirar intanet gaba ɗaya. A Project Properties a tabbata Save paths yana kan Relative. In ba haka ba, aikin zai riƙa neman fayil a adireshin kwamfutar ofis, wanda babu shi a tabilet. Ƙarin manhaja mai suna QFieldSync yana da umarnin Package for QField, wanda ke haɗa komai a folda guda da za a kwafa ta waya ko kebul, a shigar daga cikin QField.

Wani lokaci taswira na fitowa, amma ɗigon mutum na sauka gefen hanya kullum, ta ɓangare ɗaya da tazara ɗaya. Kuskuren GPS yawo yake yi, ba ya tsayawa gefe guda. Tazara madawwamiya alama ce ta saɓanin tsarin ma'auni. Tsofaffin taswirorin gwamnatin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, GPS kuma da WGS 84 yake aiki, kuma tsakaninsu akwai gomman mitoci idan ba a gaya wa QGIS asalin kowanne ba. Fayil ɗin MBTiles a EPSG:3857 yake, wanda ya dace da kallo amma yana ɗan kumbura tsawo da faɗi. Don auna gona a yankin Haɗeja, EPSG:32632 ya dace, wato shiyyar UTM ta 32 ta arewa.

Gwajin ƙarshe a harabar ofis ake yin sa, kwana ɗaya kafin tafiya, a kan kowane tabilet da zai fita. A kunna yanayin jirgin sama, a kashe wayafai, a rufe QField gaba ɗaya a sake buɗewa, domin ragowar hotunan da manhaja ta ajiye na ɗan lokaci na iya ruɗin mutum. A ja taswirar zuwa kusurwoyi huɗu na yankin, a kusanto har mataki na ƙarshe a ƙauyen da ya fi nisa, a ja baya har yankin ya bayyana duka. Sannan a fita waje ƙarƙashin sararin sama, a jira GPS ya kama, a saka ɗigon gwaji a adana, a goge. Shugaban tawaga ya riƙe kwafin foldar a filashi tare da kebul ɗin da ya dace da na'urorin, domin idan tabilet ɗaya ya lalace a Guri, daga wannan filashin kaɗai za a iya ɗora wa wani.