Umarnin Haɗa Bidiyon Tallan Shagon Tela

Umarnin haɗa bidiyo ɗan gajeren rubutu ne da mutum ke shigarwa cikin manhajar ƙirƙirarriyar basira, ya bayyana mata abin da yake son gani, ita kuma ta fitar masa da hoto mai motsi. Daga cikin manhajojin da aka fi sani akwai Kling ta kamfanin Kuaishou na ƙasar Sin, wadda ta fito a 2024, da Veo 3 ta kamfanin Google, wadda ta fito a watan Mayun 2025, ita har da sauti take haɗawa. Abin da suke fitarwa a jiƙo ɗaya gajere ne ƙwarai. Veo 3 ta zo da daƙiƙa 8, Kling kuwa daƙiƙa 5 ko 10. Telan da ke da shago a birni irin Kano, wanda yake so ya saka talla a WhatsApp ko TikTok kafin ɗinkin Sallah ya kankama, dole ya tsara aikinsa bisa wannan iyaka.

Manhajar ba ta taɓa shiga shagon ba. Ba ta san launin bangonsa ba, ba ta san ko keken ɗinkin na ƙafa ne ko na lantarki ba, balle irin hannun telan a aikin wuya. Duk abin da ba a faɗa mata ba, cike gurbinsa take yi da abin da ya fi yawa a hotunan da aka horar da ita da su. Idan aka rubuta mata kawai cewa ta haɗa tallan shagon tela mai kyau, abin da yakan fito shi ne wani ɗaki mai katako da kwat rataye a jere, da dattijo riƙe da tef, wurin da ba ya kama da Fagge ko Kofar Wambai ko kaɗan. Tela ya fi kowa sanin wannan matsala: mai kaya ya ajiye yadi biyar ya ce a ɗinka masa mai kyau, bai tsaya an auna shi ba, bai faɗi ko kaftani yake so ko 'yar shara ba, in ya zo karɓa sai rigima. Umarni shi ne awon da ake ba manhajar.

Saboda haka aikin farko ba a cikin manhajar ake yin sa ba. A takarda ake raba tallan. Tallan daƙiƙa 24 ya isa, a kasa shi gida uku, kowane da abu ɗaya tak da zai nuna. A ɗauki misalin telan maza da ya ƙware a kaftanin shadda. Kashi na farko ya nuna rigar da aka gama, domin ita ce za ta tsayar da yatsan mai kallo. Na biyu ya nuna ana aikin a cikin shago. Na uku ya nuna mutum sanye da irin ɗinkin, sannan sunan shago da lambar waya su biyo baya. Kowane kashi da umarninsa daban. Wanda ya cusa duka ukun a umarni ɗaya yakan sami bidiyon da ya taɓa kowanne bai gama ko ɗaya ba, wani lokaci ma rigar ta narke ta koma keke a tsakiyar hoton.

Kashi na farko shi ne wurin da ya kamata a fi daɗewa. A nan bai dace a bar manhajar ta ƙirƙiro riga daga kanta ba. Yawancin waɗannan manhajoji suna karɓar hoto su motsa shi, kuma wannan hanya ce ta dace da tela. Sai ya goge kaftanin da ya ɗinka da hannunsa, ya rataye shi a jikin bango marar tarkace kusa da ƙofa, ya ɗauke shi da waya a tsaye, da safe ko bayan la'asar. Hasken tsakar rana yana sa shadda ƙyalli har zanen jikinta ya ɓace, fitilar cikin shago kuma tana sauya launi, shuɗi mai haske ya koma kamar toka. Bayan an ɗora hoton sai a rubuta umarni. Manhajojin sun fi fahimtar Turanci nesa ba kusa ba, shi ya sa da shi ake rubutawa, ko da sai an nemi wani ya taimaka:

```
Vertical 9:16 video, 8 seconds. Use the uploaded photo: a sky-blue brocade kaftan on a hanger. Camera moves slowly toward the neck embroidery. Soft daylight from the left. Keep the embroidery pattern and colour unchanged.
```

Kowace jimla a ciki da aikinta. Ta farko tana faɗin siffa da tsawo: 9:16 shi ne hoto a tsaye, wanda ke cika fuskar waya. A wasu manhajojin ana zaɓar wannan ne a wani maɓalli daban, kuma in ba a zaɓa ba bidiyon zai fito a kwance, yanke shi daga baya kuma yana cinye hannayen rigar. Ta biyu tana faɗin abin da ke cikin hoton, da launinsa da irin yadinsa. Ta uku tana ba da motsi guda ɗaya, wato kyamara ta matsa a hankali zuwa aikin wuya. Ta huɗu tana faɗin inda haske ke fitowa, kuma ya kamata ya yi daidai da yadda yake a hoton na ainihi, in ba haka ba inuwa za ta riƙa yawo. Ta ƙarshe tana neman kada a taɓa zanen da launin.

Wannan jimla ta ƙarshe roƙo ce, manhajar ba lallai ta cika shi ba. Tana zana kowane ɓangare na motsin ne sabo, ba ta riƙe lissafin zare, don haka surfani mai ƙananan layuka shi ne abin da ya fi saurin lalacewa. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. A tsayar da bidiyon a daƙiƙa ta farko, ta tsakiya da ta ƙarshe, a gwada da rigar da ke rataye. A ƙirga maɓallai. A duba ko aljihu na nan inda yake, ko ɓangarorin wuyan biyu sun yi daidai. A babbar riga mai aska takwas, a ƙirga askar. Idan ta ƙaru ko ta ragu, wanda ya san riga zai gani. Maganin da ya fi aiki shi ne rage motsi. Kyamarar da ke matsowa a hankali ba ta tilasta wa manhajar ƙirƙiro abin da babu a hoto. Amma da an ce ta zagaya rigar, to bayan rigar da ba ta gani ba sai ta ƙaga shi, kuma abin da ta ƙaga ba ɗinkin telan ba ne.

Kashi na biyu ba ya buƙatar umarni sam. Hannu a kan keke, allura tana hawa da sauka, almakashi yana bin layin alli, waɗannan su ne abubuwan da manhajojin ke yawan kuskurewa: yatsu su haɗe, allura ta ratsa yatsa, zare ya fito daga inda babu shi. Daƙiƙa 8 da aka ɗauka da waya a shagon, an jingina ta da wani abu don kada ta girgiza, sun fi duk wanda za a ƙirƙira, kuma ba su cin ko sisi. A cire sautin ɗaukar kawai, domin ƙarar janareta da ohon 'yan adaidaita sahu za su rufe komai.

A kashi na uku ne ake buƙatar bayani mafi tsawo, saboda sunayen tufafin Hausa ba su da tabbas a wurin manhajar. Kalmar kaftani kaɗai tana iya kawo rigar matan Maroko, hula kuma ta zo da baki irin ta 'yan ƙwallo. Don haka siffanta tufar ake yi: riga doguwa da ta wuce gwiwa, mai dogon hannu, wando launi ɗaya da ita, hula zagayayya marar baki mai aikin zare. A faɗi shekarun mutumin, a faɗi cewa ɗan arewacin Najeriya ne, a ba shi aiki ɗaya, kamar ya taho a hankali yana gyara hannun riga. Cunkoson birni kuma a bar shi a baya, a nemi ya fito dishi-dishi. Titi cike da jama'a da ababen hawa a sarari wuri ne da kurakurai ke taruwa, ƙafafu su harɗe, allunan shaguna su fito da haruffan da ba na kowane harshe ba. Idan telan yana son amfani da hoton wani mai kayansa a maimakon ƙirƙirarren mutum, sai da yardarsa, musamman mata, kuma a gaya masa cewa za a motsa hoton.

Sunan shago, unguwa da lambar waya ba a saka su cikin umarni. Manhajar zana rubutu take yi kamar yadda take zana ganye, tana iya sauya lamba ɗaya ko ta ɓata ƙ da ɗ, kuma lamba ɗaya da ta sauya ta kashe tallan gaba ɗaya. A manhajar tace bidiyo irin CapCut ake jera kashin uku, a buga rubutun da hannu, a ajiye shi wajen tsakiya domin maɓallan TikTok suna rufe ƙasa da gefen dama, a bar shi ya tsaya aƙalla daƙiƙa 4 don a iya karantawa. Murya ma haka. Hausar da manhaja ke furtawa takan rasa karin sauti, gara telan ya shiga ɗaki shiru ya naɗi tasa: abin da yake ɗinkawa, inda shagon yake, da ranar da zai daina karɓar ɗinkin Sallah.

Kowane gwaji yana cin kuɗi ko wani kaso na abin da aka ba mutum kyauta, kuma umarni ɗaya ba ya ba da sakamako iri ɗaya sau biyu. Idan sakamako bai yi ba, abu ɗaya ake sauyawa a sake gwadawa, ko motsi ko haske, domin a san wanne ne ya gyara. Umarnin da ya yi aiki a adana shi, wata rigar launi da yadi kawai za a canza.

TikTok yana buƙatar a yi wa bidiyon da aka ƙirƙira mai kama da gaske alama, kuma akwai wurin kunna ta lokacin ɗorawa. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne amana. Manhajar tana iya fitar da aikin wuyan da babu keken da ke shagon da zai iya yin sa, ko ta ba yadi mai araha ƙyallin shadda mai tsada. Mai kaya zai zo da bidiyon a wayarsa ya ce irin wannan yake so. Duk ɗinkin da telan ba zai iya maimaitawa a kan kekensa ba, bai kamata ya shiga tallan ba.