Idan mota ta zama jari: Yadda ake shigar da ita littafin kasuwancin haɗin gwiwa da yadda ake raba riba

Sau da yawa mutum biyu kan haɗa gwiwa a kasuwanci, ɗaya ya kawo tsabar kuɗi, ɗayan ya kawo motarsa. A ranar farko kowa na ganin magana ta ƙare. Rigima kan taso ne a ƙarshen shekara, lokacin da aka zo rabon riba, ko ranar da mai motar ya ce zai janye ya tafi da abinsa. A nan ne ake gano cewa ba a taɓa tsayar da kuɗin da motar ta shigo a kansa ba, kuma ba a fayyace ko mallakarta aka bai wa kasuwancin ko aronta kawai aka yi ba.

Ƙa'idar da akantoci ke bi a kan wannan ba ta da wuya. Mota tana shiga littafi ne a kan darajar da abokan tarayya suka amince da ita a ranar da aka kawo ta, kuma daga wannan rana ta zama dukiyar tarayya. Abin da ya rage wa mai ita shi ne adadin kuɗin da aka rubuta masa a matsayin jari.

Tsayar da darajar motar

A ɗauki misalin wasu mutum biyu da suka amince su riƙa kai kayan masarufi ga masu shaguna. Na farko yana da a-kori-kura da ya saya shekara uku da suka wuce a kan naira miliyan 4. Na biyu ya kawo naira miliyan 4 a hannu.

Kuɗin da mai motar ya biya a wancan lokaci ba shi ne abin dubawa ba. Abin tambaya shi ne nawa za a sayi motar a yau idan aka kai ta kasuwa. A al'ada tsohuwar mota kan faɗi ƙasa da kuɗin da aka saye ta, amma tun bayan faɗuwar darajar naira a shekarar 2023, motoci da dama na hannu sun koma tsada fiye da yadda masu su suka saya. Saboda haka rasit ɗin saye na iya cutar mai motar, kamar yadda zai iya cutar abokinsa.

Hanyar da ta fi kwantar da hankali ita ce a nemi dillalan motoci biyu ko uku waɗanda ba su da alaƙa da kowane ɓangare su yi mata kuɗi, makanike kuma ya duba inji da giya ya faɗi gyaran da take buƙata. A wannan misali, a ce an daidaita a kan naira miliyan 6. Sai a rubuta adadin a yarjejeniyar tarayya, tare da lambar motar, lambar inji da ta shasi, da kwanan wata, kowa ya sa hannu a gaban shaidu.

Muhimmancin wannan adadi yana fitowa ne idan za a raba riba gwargwadon jari. Miliyan 6 da miliyan 4 sun ba da jarin miliyan 10, wato mai mota na da kashi 60 cikin 100, mai kuɗi na da kashi 40. Da an yi wa motar kuɗi miliyan 8 don kara ko jin nauyi, da kason mai ita ya koma biyu bisa uku. A ribar miliyan 3, zai karɓi miliyan 2 maimakon miliyan 1.8, abokinsa ya yi asarar naira 200,000, kuma haka za a ci gaba kowace shekara.

Shigarwa ta farko a littafi

A tsarin ajiye lissafi, kowace hada-hada ana rubuta ta sau biyu: sau ɗaya a ɓangaren hagu, wanda ake kira debit, sau ɗaya a ɓangaren dama, wanda ake kira kiredit. Dukiyar da ta shigo kasuwanci tana zuwa hagu, haƙƙin wanda ya kawo ta kuma yana zuwa dama, kuma dole jimillar ɓangarorin biyu ta zo daidai.

Don haka za a buɗe asusun mota a rubuta miliyan 6 a hagu, sannan a buɗe asusun jarin mai motar a rubuta miliyan 6 a dama. Haka nan za a rubuta miliyan 4 a hagun asusun banki, a rubuta miliyan 4 a daman asusun jarin mai kuɗi. Ba a taɓa asusun banki wajen shigar da motar, domin ko kwabo bai fita ba. Ba kuma a ɗauke ta a matsayin kuɗin shiga, domin ba ciniki aka yi ba.

Lissafin yana canzawa idan akwai bashi a kan motar. A ce mai ita bai gama biya ba, ana binsa miliyan 1, kuma an amince kasuwancin ne zai ƙarasa biya. Motar za ta shiga hagu a kan miliyan 6 kamar da, amma a dama za a raba adadin gida biyu: miliyan 1 a asusun bashi, miliyan 5 a asusun jarinsa. Jarinsa na gaskiya miliyan 5 ne. Idan aka ɓoye bashin aka rubuta masa miliyan 6, abokinsa zai taya shi biyan bashin, sannan kuma ya riƙa karɓar kason da bai kai haƙƙinsa ba.

Abin da ke biyo bayan miƙa motar

Da zarar mota ta zama dukiyar tarayya, mai, gyara, taya, inshora da sabunta takardu duk sun hau kan kasuwancin. Ya kamata a yi takardar sauya mallaka, a kuma sanar da kamfanin inshora cewa motar gida ta koma ta ɗaukar kaya, domin inshorar da aka yanka don amfanin kai na iya ƙin biyan diyyar haɗarin da ya faru a bakin sana'a.

Sai kuma tsufan motar, abin da ƙananan 'yan kasuwa suka fi mantawa da shi. Mota tana cinye kanta ne a hankali, kuma wannan raguwar daraja kashe kuɗi ce ko da ba a ga kuɗin na fita ba. Idan aka ƙiyasta a-kori-kurar za ta yi aikin shekara 5, sannan a sayar da ita a kan miliyan 1, to miliyan 5 ne za a raba a kan shekara 5, wato miliyan 1 kowace shekara. Ana cire wannan daga riba kafin rabo, ma'ana su biyun ne ke ɗaukar nauyinsa. Asusun jarin mai motar yana nan a miliyan 6, ba a rage shi don mota ta tsufa.

Haka abin yake ta ɗaya fuskar. Idan aka sayar da motar sama da darajar da ta rage mata a littafi, rarar ta su biyun ce. Idan kuma tsohon mai ita ya ɗauke ta ya kai iyalinsa biki a ƙauye, kuɗin man wannan tafiya ana rubuta shi ne a cikin abin da ya ɗiba don kansa.

Shigar da rabon riba

A ce a ƙarshen shekarar farko, bayan cire kuɗin kaya, mai, gyara da albashin yaran mota, an samu rarar miliyan 4. Idan aka cire miliyan 1 na tsufan mota, ribar da za a raba ita ce miliyan 3. Kashi 60 nata miliyan 1.8 ne, kashi 40 kuma miliyan 1.2.

Ana mayar da ribar ne cikin asusun rabon riba. Daga nan a rubuta miliyan 3 a hagunsa domin rufe shi, a rubuta miliyan 1.8 a daman asusun yau da kullum na mai mota, miliyan 1.2 a daman na mai kuɗi. Wannan asusu na yau da kullum daban yake da na jari. Ana ware shi ne domin jarin da aka kafa kasuwanci da shi ya tsaya yadda yake, yayin da riba da ɗiba ke hawa da sauka a wani wurin.

Shigar da rabo ba ya nufin an ba kowa kuɗi a hannu. Yana nuna haƙƙin kowa ne kawai, kuma sai an cire abin da mutum ya riga ya ɗiba. Idan mai mota ya ɗebi naira 700,000 a cikin shekara, saura miliyan 1.1 yake bi. Idan mai kuɗi ya ɗebi naira 400,000, saura naira 800,000. Ranar da aka biya ɗayansu ne za a rubuta adadin a hagun asusunsa, a rubuta shi a daman asusun banki. Idan hagun asusun wani ya rinjayi damansa, alama ce ta cewa ya ci fiye da rabonsa, kasuwancin ne ke binsa.

Idan babu rubutacciyar yarjejeniya

Rabon 60 da 40 ba ya zuwa da kansa. Dokar tarayya ta Ingila ta 1890, wadda Nijeriya ta gada kuma dokokin tarayya na jihohi suka bi sahunta, ta tanadi cewa idan abokan tarayya ba su amince da wani tsari ba, daidai wa daida za su raba riba da asara, komai bambancin jarinsu. Ta kuma ce babu wanda ke da haƙƙin albashi don ya yi wa kasuwancin aiki. A misalin nan, kowa zai tashi da miliyan 1.5 ke nan. Rajistar sunan kasuwanci a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa ba ta maye gurbin wannan yarjejeniya.

Ga waɗanda ke son bin hukuncin Musulunci, mazhabar Malikiyya ta yarda a shigo da kaya a matsayin jari a kan darajarsu ta ranar ƙulla tarayya, kuma ta ce riba da asara su bi gwargwadon jarin kowa. Wannan ma ya sake dawo da magana kan tsayar da kuɗin motar tun farko.

Wanda ba ya son rabuwa da motarsa yana da wata hanya. Zai iya bai wa kasuwancin hayarta a kan wani adadi duk wata. A wannan hali ba a buɗe asusun mota, ba a rubuta masa jari a kanta, kuɗin hayar yana shiga cikin kashe-kashen kasuwanci, tsufan motar kuma na kansa ne shi kaɗai. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a haɗa biyun, mutum ya ci ribar kashi 60 a kan mota tsawon shekaru, ranar rabuwa kuma ya ce motarsa ce. Idan jari ce, abin da yake bi shi ne ragowar asusunsa bayan an biya basussuka. In yana son motar, sai a sake yi mata kuɗi a wannan rana a cire daga haƙƙinsa.