Sikafon katako na filasta: tokari da ɗauri ne ke riƙe da ran magini

Sikafon katako bai cika karyewa a tsakiya ba. Yawanci kishingiɗewa yake yi gefe guda, ko ya rabu da bango ya kife da mutum da kwanon sarkinsa. Shi ya sa takardar gargaɗi da ta dace a raba wa magina da leburori a wajen bitar unguwa take fi mayar da hankali kan abu biyu: tokari da ɗauri.

A ɗauki misalin bangon bene mai tsawon mita biyar da rabi, wanda za a yi wa filasta a tsaye a kan falanki mai nisan mita huɗu daga ƙasa. Ana kafa ginshiƙai takwas a layi biyu, huɗu kusa da bango, huɗu a waje. Tazarar kowane ginshiƙi da na gaba da shi kada ta wuce mita 1.8, faɗin da ke tsakanin layukan kuwa kamar mita ɗaya. A ƙarƙashin kowace ƙafa a shimfiɗa guntun falanki mai kauri a kan ƙasar da aka daɓe. Ɗora ƙafar a kan bulo ganganci ne, domin bulo mai rami fashewa yake yi ba tare da ya nuna alama ba.

Idan an haɗa ginshiƙan da katakan kwance, sikafo zai tsaya tamkar an gama, kuma a nan ne ake ruɗuwa. Firam mai kusurwa huɗu yana iya lanƙwashewa daga mahaɗansa ko da ƙusa ba ta fita ba. Katakon da aka gitta a karkace, daga gindin wani ginshiƙi zuwa saman na kusa da shi, shi ne ke mayar da firam ɗin mai kusurwa uku, wanda ba ya motsi sai in katakon ya karye. Wannan tokari ana yin sa ta fuskar waje, a kuma yi a ƙarshen kowane gefe. Kowace mahaɗa ta sami ƙusa biyu ko fiye, don ƙusa ɗaya tilo barin katako take yi ya juya a kanta.

Tokari na hana kishingiɗewa, amma ba ya hana kifewa. Mai filasta yana danna bango da ƙarfi duk lokacin da ya shafa kwaɓi, ƙafafunsa kuma suna tura sikafon baya. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce, idan tsayin sikafo ya kai ninki huɗu na faɗin gindinsa, dole a ɗaure shi da ginin. Sikafon misalin nan ya kai wannan iyaka daidai. Hanya mafi sauƙi ita ce a zura katako ta taga, a gitta wani a cikin ɗaki ya tokare bangon ta gefe biyu, sannan a haɗe su gam. Inda babu taga, sai a jingina doguwar sanda daga waje a karkace, a kafe gindinta da turke.

Haɗarin da ya keɓanta da aikin filasta shi ne, ɗaurin nan yakan tare wurin da ake son shafewa, sai wani ya zare shi don ya gama bakin taga. Tsarin da ya kamata shi ne a fara kafa sabon ɗauri a wani wuri, sannan a cire tsohon, kuma da izinin shugaban aiki.

Falankin da ake takawa ma yana da nasa lissafi. Mai kaurin milimita 38 yana son abin tallafi a ƙarƙashinsa duk bayan mita 1.2, kuma bakinsa kada ya zarce abin da ya hau da fiye da santimita 15, in ba haka ba zai ɗago da zarar an taka ƙarshensa. A jera falankai uku ba giɓi, a sa katakon kariya a tsayin ƙugu, kimanin mita ɗaya, da wani a ƙasa da zai tare kayan aiki kada su faɗo wa leburan da ke kwaɓi. Buhun siminti kilo 50 ne, wurinsa ƙasa, kwaɓin da za a shafa nan take kaɗai ke hawa.

Kowace safiya kafin a hau, a kama ginshiƙi ɗaya a jijjiga shi daga ƙasa. In sama ta yi lilo, ko kan ƙusa ya leƙo, ko ƙafa ta nutse bayan ruwan dare, ko an ga ƙasar gara a jikin katako, kada kowa ya hau sai kafinta ya gyara.