Yadda Ake Shirya Darasin Wanke Hannu

A ce shugaban makarantarku ya kira ka, ya ce ranar 15 ga Oktoba za ka je makarantar firamare da ke kusa ka koya wa 'yan aji uku wanke hannu. Wannan rana ita ce Ranar Wanke Hannu ta Duniya, wadda aka fara kiyayewa a shekarar 2008. Yaran su arba'in ne, an kuma ba ka minti arba'in. Me za ka yi da su?

Abin da ya fi sauƙi shi ne ka tsaya gaban allo ka ce, "Ku riƙa wanke hannu da sabulu." Yaran za su amsa da ƙarfi, su ce, "To, Malam!" Amma sun sha jin wannan magana, kuma da yamma za su zauna cin tuwo kamar yadda suka saba. Aikinka shi ne ka shirya darasin da zai bi su har gida. Don haka, tun kafin ka rubuta komai, ka zaɓi abu kaɗan da kake so su riƙe. Lokutan wanke hannu suna da yawa, amma yaro ɗan shekara takwas ba zai riƙe guda bakwai ba. Ka ɗauki biyu: bayan fitowa daga bayan gida, da kafin cin abinci. Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin cutar da ke kawo gudawa da kwalara da taifod suna fita cikin kashi, su hau hannu, daga hannu su shiga baki. Waɗannan lokuta biyu su ne farkon hanyar da ƙarshenta.

Babbar wahalarka ita ce, ƙwayar cuta ba ta ganuwa. Yaro zai dubi tafinsa ya ga fes, ya ce hannunsa ba datti. Hausawa suna cewa gani ya kori ji, saboda haka sai ka nemo abin da zai tsaya a madadin ƙwayar cutar, wanda ido zai gani. Ka daka gawayi kaɗan ya zama gari, ka kwaɓa shi da cokali biyu na man gyaɗa ko manja. Ka tanadi farin ƙyalle mai tsabta guda uku, da kwano, da sabulu, da buta. Buta ita ce ƙaramar tukunyar roba mai dogon baki da ake zuba ruwa da ita.

Minti goma na farko na wannan gwaji ne. Ka shafa wa yaro ɗaya baƙin man a hannu, ka ce ya gaisa da na kusa da shi, shi ma ya gaisa da na gaba, har a kai mutum biyar. Sai kowa ya ɗaga hannu. Na biyar bai taɓa man ba, amma ga baƙi a tafinsa. Kada ka yi saurin bayani. Ka tambaye su, "Ta ina baƙin nan ya zo hannun wannan yaro?" Ka bar su su faɗa da bakinsu, domin abin da yaro ya gano da kansa ya fi zama a ransa.

Daga nan ka fito da uku daga cikinsu. Na farko ya tsoma hannu cikin kwanon ruwa ya fitar, kamar yadda ake yi a gidaje da yawa. Na biyu a zuba masa ruwa daga buta, ya cuɗa, amma ba sabulu. Na uku ya jiƙa hannu, ya sa sabulu, ya cuɗa sosai, a zuba masa ruwa ya ɗauraye. Kowannensu ya goge hannu da farin ƙyallensa, ka ɗaga ƙyallayen uku a gaban aji. Na farko zai yi baƙi ƙirin, na biyu zai yi baƙi-baƙi, na uku zai kusa zama fari. Yanzu ne lokacin bayani, kuma gajere ya isa. Fatar mutum tana da maiƙo, datti da ƙwayoyin cuta suna manne a cikinsa. Ruwa da mai ba sa haɗuwa, shi ya sa ruwa kaɗai yake wucewa ya bar maiƙon. Sabulu kuwa yana kama mai ta gefe ɗaya, ya kama ruwa ta ɗaya gefen, sai ruwan ya tafi da su duka.

Akwai wani gwaji da malamai suke so, inda ake barbaɗa garin masoro a kan ruwa, a taɓa da yatsa mai sabulu, sai garin ya watse zuwa gefen kwano. Yana da ban sha'awa, amma ba na ba ka shawarar yin sa. Yana sa yara su ɗauka cewa ƙwayoyin cuta suna gudu da zarar sabulu ya taɓa su, alhali sai an cuɗa an ɗauraye suke fita. Gawayi da mai sun fi faɗin gaskiya.

Kada ka zubar da ruwan kwanon nan na yaro na farko. Ka ajiye shi a gefe, zai yi maka amfani nan gaba.

Sashe na biyu shi ne koya musu cuɗawar kanta, minti biyar. Masana lafiya sun ce a cuɗa hannu da sabulu na aƙalla daƙiƙa 20. Yaro ba shi da agogo, kuma idan ka ce ya ƙirga zuwa ashirin, zai gama cikin numfashi ɗaya. Ka raba masa lokacin bisa wurare biyar: tafin hannu, bayan hannu, tsakanin yatsu, babban yatsa, da ƙarƙashin farce. A kowane wuri ajin duka zai ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, a hankali, kai kana buga tebur don kada su yi sauri. Inda ake yin hannu ɗaya bayan ɗaya, a sauya hannu bayan an ce "biyu". Huɗu sau biyar ashirin ke nan. Su fara yi ba ruwa, suna kiran sunan kowane wuri da ƙarfi, sau uku. Ka sa ido a kan babban yatsa da farce, domin su aka fi mantawa. Idan ka duba hannun yaran da suka yi gwajin gawayi, a nan za ka tarar da sauran baƙi.

Sai kowa ya wanke da gaske, kuma a nan ne darasi yakan lalace idan ba a yi lissafi ba. Kowane yaro zai ci kamar minti ɗaya, daga jiƙawa zuwa ɗaurayewa. Idan buta ɗaya ka kawo, yara arba'in za su cinye minti arba'in, na bayan layi kuma su shiga wasa da faɗa. Ka kawo buta huɗu da sabulu huɗu, ka raba ajin gida huɗu, kowane layi mutum goma. Haka aikin zai ƙare cikin minti goma zuwa sha biyu. Wanda ya gama wankewa shi zai karɓi buta ya zuba wa na bayansa. Ruwa kuma, jarka mai lita 20 ta isa, rabin lita ga kowane yaro, muddin mai zubawa ya tsaya yayin da ake cuɗawa. A yi a waje, inda ƙasa za ta shanye ruwan. Kada ka kawo tawul ɗaya don kowa, domin zai mayar da abin da aka wanke. Su yarfe hannu, iska ta busar.

Minti goman da suka rage su ne na gida, kuma su ne suka fi wuya. Ka ɗauko kwanon nan mai baƙin ruwa, ka tambaye su, "Wa zai wanke hannu a nan ya ci abinci?" Ba wanda zai yarda. To, a gidaje da yawa a ƙasar nan, kudu da arewa, kwano ɗaya ake kawowa kafin cin abinci. Babba ya fara tsoma hannu, na biye da shi ya tsoma, ƙaramin yaro shi ne na ƙarshe. Wato wanda gudawa ta fi saurin kayarwa shi ke samun ruwan da ya fi datti.

Amma ka yi hattara. Idan ka tura yaro ya ce wa mahaifinsa, "Yadda kuke yi ba daidai ba ne," za a ce ba shi da kunya, maganar kuma ta mutu a nan. Yaro ba ya gyara wa babba, amma yana yi masa hidima. Saboda haka ka ba shi aiki maimakon wa'azi. Idan an kawo abinci, ya ɗauko buta da sabulu, ya ajiye kwano a ƙasa don tarar ruwan, ya rusuna ya ce, "Baba, ga sabulu, bari in zuba maka." Ko ya ce, "Inna, kawo hannu in zuba miki." Da wuya uba ya ƙi wannan, domin ladabi ne. Ka sa su gwada a aji, ɗaya ya zama uba, ɗaya uwa, ɗaya yaro, a harshen da suke yi a gida, ko Hausa ne, ko Yarabanci, ko Ibo, ko wani.

Wani yaro zai ce ba kullum ake samun sabulu a gidansu ba. Kada ka bari a yi masa dariya. Ka gaya wa ajin cewa ba sai mai tsada ba. Sabulun wanki yana yi, sabulun salo yana yi, guntayen da suka rage ma ana tara su cikin tsohuwar safa a rataye kusa da buta. Idan babu ko ɗaya, toka mai tsabta da ta huce ta fi ruwa kaɗai, ko da yake ba ta kai sabulu ba.

Ta yaya za ka san darasin ya zauna? Kada ka tambaya, "Wa yake wanke hannu a gida?" Duk za su ɗaga hannu don su faranta maka. Kafin ka tafi, ka bar buta cike da ruwa da sabon sabulu kusa da bayan gidan makarantar, ka roƙi malamin ajin ya naɗa yara biyu masu cika ta kowace safiya. Bayan mako ɗaya ka koma ba tare da sanarwa ba, ka tsaya daga nesa lokacin tara, wato hutun safe, ka ƙirga yara nawa suka fito daga bayan gida, nawa kuma suka tsaya wurin butar. Ka duba sabulun. Idan ya ragu, ƙasan wurin kuma da danshi, ana amfani da shi. Idan ya bushe har ya tsage, ba a taɓa shi. Sa'an nan ka shiga aji ka yi tambayar da ƙarya ke da wuya a cikinta: "Wa ka zuba wa ruwa jiya, me kuma ya ce maka?" Yaron da ya yi zai ba ka labari da suna da wuri. Wanda ya yi shiru, ka ba shi buta ya sake gwadawa da abokinsa kafin ka fita.